Kafin ka ce wa Baba "an ba shi"

Idan dattijo ya miƙo maka waya ya ce ka duba masa takardar da jami'a ta aiko wa ɗansa, abu mafi sauƙi shi ne ka ce "Alhamdulillahi, an ba shi." Ni a ganina wannan rabin amana ce. Uban da Hausa kaɗai yake karantawa, da bakinka zai yanke shawarar cin bashi ko sayar da kadara, don haka sharuɗɗan da ke ƙasan takardar sun fi taya murnar da ke samanta muhimmanci a gare shi.

Da hoton ma ake fara samun matsala. Yaro ya ɗauki fuskar kwamfuta da waya a shagon intanet, ya turo ta WhatsApp, manhajar ta matse hoton, ƙananan rubutu suka dushe. Galibi kuma sama ake ɗauka, inda tambarin makaranta da sunan yaro suke, a yanke ƙasa. Idan ka ga sharuɗɗa sun tsaya a lamba 3 jimla ba ta ƙare ba, ko babu sa hannun magatakarda, kada ka soma fassara. Ka ce a sake turowa a matsayin Document, wato fayil ɗin da WhatsApp ba ta matsewa, ko a ɗauki shafin gida biyu. Wanda ya cike gurbin da bai gani ba da zato, ƙarya ya yi ko da bai yi niyya ba.

Wani maƙwabcina ya kawo mini irin wannan. Ɗansa likitanci ya nema, gida duk an ɗauka shi aka ba shi. A layi na biyu kuwa Human Anatomy aka rubuta. Na ce, "Baba, an ɗauke shi, amma ba karatun likita ba ne. Ilimin sassan jikin mutum ne, wanda ya gama ba ya duba marasa lafiya." Ya yi shiru, ya juya ya kalli yaron, yaron ya sunkuyar da kai. Ashe ya sani, nauyin faɗa yake ji. Shi ya sa ban cika son a bar ɗalibi ya zama shi ne tafintan takardarsa ba, abin da zai yi wa mahaifi daɗi zai zaɓa.

A saman takardar an rubuta Provisional Admission. Na bayyana masa cewa gurbi ne na wucin gadi, sai an tantance takardun yaro na asali zai tabbata. Sharaɗin da aka saba gani shi ne kiredit 5, har da Turanci da Lissafi, a WAEC ko NECO ko NABTEB, a zaman jarrabawa da bai wuce biyu ba, wasu kwasa-kwasan ma zama ɗaya suke so. A nan sai ka ajiye waya ka ce a ɗauko sakamakon. Idan D7 ne a Lissafi, wanda bai kai kiredit ba, gara uban ya ji yau da ya ji a layin tantancewa bayan ya biya.

Sai kuɗi, inda aka fi yi wa iyaye kwaɓa. Acceptance Fee kuɗin amsa tayi ne kawai, ba shi ne kuɗin makaranta ba, kuma yawanci an rubuta ba a mayar da shi. Ka ce masa "wannan na farko ne, babban yana tafe, ga na ɗakin kwana daban." Idan takardar ta ce a biya ta Remita, wato tsarin biyan kuɗi ta intanet, yaro zai ciro lambar biya da ake kira RRR mai alƙaluma 12 daga shafin makarantar. Duk takardar da ta kawo lambar asusun wani mutum da lambar wayar "jami'i", ka faɗa wa Baba kai tsaye cewa da alamar damfara.

Akwai kuma abin da hoton ba zai nuna ba. Tun 2017 hukumar JAMB take tafiyar da ɗaukar ɗalibai ta shafinta na intanet mai suna CAPS, kuma ba ta amincewa da gurbin da bai bi ta can ba. Sai yaro ya shiga ya ga sunan makarantar da kwas ɗin sun yi daidai da na takarda, sannan ya danna Accept. Waɗanda suka tsallake wannan, wasunsu sai lokacin bautar ƙasa suke gane sunansu ba ya cikin rajista.

Ranar rufewa kuma kada ka karanto ta da alƙaluma. Idan an rubuta 03/04, a tsarinmu rana ce a gaba, wato 3 ga Afrilu. Ka faɗi sunan ranar, ka ƙirga masa kwanakin da suka rage. Daga nan ka rubuta masa komai da Hausa a takarda, bi da bi, ko ka yi masa saƙon murya, domin idan ya koma gida mahaifiyar yaron ma za ta tambaya.