"Ka biya birkila": kalma uku da suka tsayar mini da gini

Shekarata bakwai a birnin Leeds na Ingila, ina kuma ɗan gini a bayan Ƙofar Ƙaura a Katsina, Yayana ne ke tsaye a kai. Wata safiya ina sauri zan shiga bas na tura masa tes a WhatsApp: "Ka biya birkila". Tambaya nake yi, ina son sanin ko ya ba shi kuɗin makon da ya wuce. Yaya ya karanta, ya ga ƙanensa na ba shi umarni ba ko sallama. Ransa ya sosu, amma bai ce uffan ba. Ya ɗauki cikon kuɗin aikin gaba ɗaya, naira 180,000 da muka yi za a riƙe sai an gama filasta, ya damƙa wa birkila. Shi kuwa da ya ji dumus sai ya kama wani aiki a Batagarawa, mako uku ba a ga ƙeyarsa ba.

Na daɗe ina ɗora laifin a kan gaggawa, daga baya na gane cewa rubutunmu ma yana da hannu. Hausa tana rarrabe ma'ana da karin sauti da tsawon wasali, boko kuwa ba ya nuna ko ɗaya. Faɗi jimlar nan da bakinka ka ji. In ka ja "ka" ɗin da murya sama, labari kake bayarwa, an riga an biya. In ka gajarta shi ka sauke murya, umarni ne. In ka ja shi sannan ka ɗaga ƙarshen maganar, tambaya ce. A baki ko yaro ba ya rikita su, amma a fuskar waya duk haruffa ɗaya ne. Haka "ya zo" da "ta tafi" suke: ko ya riga ya zo, ko a ce masa ya zo.

Abin da ya ba ni dariya daga baya shi ne, da na yi ladabin da aka koya mini a gida da ba a kai nan ba. Babba ana ce masa "ku". To "kun biya" da "ku biya" sun bambanta a rubuce, harafi guda ya raba gardama. Haka "kin" da "ki", haka "an" da "a". Rikicin yana wajen "ka" da "ya" da "ta" ne. Yanzu tes ɗina ga Yaya ga yadda yake: "Salam Yaya, ina kwana. Shin an ba birkila kuɗin makon jiya kuwa?" Ina sa "shin" a gaba ko "ko" a ƙarshe, don mutanenmu da yawa ba sa sa alamar tambaya, ba sa kuma lura da ita in an sa. In roƙo ne, sai na ce "don Allah in an samu hali a ba shi", in faɗi nawa. (In SMS ne ba WhatsApp ba, a sani cewa ƙ ko ɗ ko ɓ guda ɗaya tana rage saƙon daga haruffa 160 zuwa 70, sai a caje ka kuɗin biyu ko uku. Duk da haka ba na jefar da lanƙwasar inda "kafa" za ta iya zama "ƙafa".)

Wasu masana halayyar ɗan Adam a Amurka, Justin Kruger da Nicholas Epley da abokan aikinsu, sun wallafa bincike a 2005 da ya nuna masu tura imel suna ɗauka an gane gatsensu fiye da yadda ake ganewa. Dalilin shi ne mai rubutu yana jin muryarsa a ka lokacin da yake bugawa. Ni ma a tashar bas ɗin nan na ji tambayata sarai. Yaya ne bai ji ba, sai ya ara wa saƙon muryar da ya ga dama, ga shi dama ana raɗe-raɗin cewa 'yan Turai in sun fara turo kuɗi sai su fara ɗaga kai.

A nan inda nake aiki, gajeren saƙo ba ya ɓata wa kowa rai. Shugabata takan turo layi ɗaya ba gaisuwa, in amsa da layi ɗaya. Wanda zai tura wa abokin aiki saƙon murya na minti uku shi ake gani bai san darajar lokacin mutane ba. A Katsina kuwa akasin haka ne, kuma ban yarda cewa namu ne koma baya ba. Harshen da rabin ma'anarsa ke cikin murya, ba mamaki masu shi su rungumi saƙon murya tun da WhatsApp ya kawo shi a 2013, balle ga iyayenmu da ajami suka iya ba boko ba.

Sai dai murya ma tana da nata ramin. Da na naɗi "ka biya birkila" da baki, Yaya zai ji tambaya ce, amma zai ji har da gajiyata da hayaniyar titi, ya ce yaron nan a tsaye yake min magana. Kuma Yaya ba shi kaɗai yake saurare ba. A majalisa yake kunna saƙo bayan la'asar, murya a sake, wani lokaci birkilan ma yana zaune a gefen tabarma. Saboda haka duk maganar da ba na son kunne na uku ya ji, nakan fara da "Yaya, wannan a saurara a keɓe". Lissafi kuma ba ya zama a murya. "Sha biyar" da "hamsin" ba sa kama, amma "dubu ɗari da tamanin" a tsakiyar gaisuwar minti biyu takan ɓace, kuma bayan wata biyu ba yadda za ka lalubo ta sai ka bi saƙonni ɗaya bayan ɗaya. Yaran yanzu ma a 2x suke saurare, wato da sauri ninki biyu, inda lallashi da faɗa duk suke fita da sauti ɗaya. Abin da nake yi shi ne in yi gaisuwa da bayani da baki, in tambayi Inna da yara, sannan nan take in bi da tes mai adadi da rana kawai.

Imel kuwa a gida takarda ce. Injiniyan da ya zana mini ginin ya taɓa kirana hankali tashe don na tura masa imel mai layi ɗaya ina tambayar ko ya biya masu rodi. A wurinsa wanda ya koma imel shaida yake tarawa, ƙila lauya ne a gaba. Yana da gaskiya ta wani ɓangare, don imel ana ajiye shi, ana tura wa wani, ana buɗe shi bayan shekara lokacin da ba wanda ya tuna abin da aka faɗa a waya. Don haka dole ya tsaya da ƙafarsa: a rubuta kan magana, a yi gaisuwa, a ambaci wane birkila, wane aiki, nawa, wace rana aka turo kuɗin, da abin da ake so mai karatu ya yi. Yanzu kafin in tura masa imel nakan riga shi da murya, in ce "Injiniya, zan turo takarda don lissafinmu ya zauna wuri ɗaya, ba wata matsala."

Da Yaya kuwa, sai da na kira shi da kaina bayan isha'i, na maimaita masa jimlar da baki yadda na nufa. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To ai da haka ka ce." Na ce ai haka na ce. Ya ce a'a, haka dai ka rubuta. Birkila ya dawo ranar wata Asabar, ya tarar buhu huɗu na siminti sun sha raɓa sun daskare.