Wainar Ƙwai Ta Koma Miya

Ranar da uwargida ta tafi suna Argungu ta bar ni da yara a Birnin Kebbi, na ce yau zan nuna musu ubansu ma ya iya girki. Wainar ƙwai ce fa. Shekara nawa ina zaune a bencin mai shayi ina kallon yadda ake yi?

Na jawo ƙaton kaskon da take soya kifi. Na fasa ƙwai uku, na yanka manyan tumatir biyu da albasar Aliero guda sukutum, na barbaɗa gishiri, na ɗan jujjuya, sannan na tafi neman ashana. Da na zuba, gefe ya baje kamar takarda ya ƙone, tsakiya kuwa ta zama fadama. Na sa cokali zan juya, ta dagargaje.

Ƙaramar ɗiyata ta leƙo ta ce, "Baba, ga miya, ina tuwon?"

Na lallaɓa wurin mai shayin bakin layinmu, wai zan yi wa wani abokina tambaya. Ya dubi man da ya ɓata mini riga, ya ce, "Malam, ka faɗa wa abokin naka tumatir ne ya cuce shi."

Ashe ɗanyen tumatir kusan duk ruwa ne, gishirin da na zuba kuma ya tsotso ruwan tun ina yawon ashana. Ya ce a matse 'ya'yan tumatir da ruwansu, a soya tsokar da albasa da attarugu har su daina tsartsatsi, a kwashe a gefe. Cokali biyu sun ishi ƙwai uku, ba buhu guda ba.

Sai ya ɗago kaskonsa. Faɗinsa bai wuce taƙi guda ba, kamar santimita 20. Ya ce ƙwai biyu ko uku nan ne gidansu. A babban kasko shimfiɗewa suke yi su bushe. Kaɗawa kuma da cokali mai yatsu ake yi, kamar rabin minti, har gwaiduwa da farin su zama launi ɗaya.

Na ari kaskon na koma. Mai cokali ɗaya, wuta tsaka-tsaki. Na zuba ƙwan, ina jan gefe zuwa tsakiya, ina karkata kasko ɗanyen ya gangara. Da saman ya kama amma yana ɗan sheƙi, na zuba soyayyen haɗin a rabi guda, na ninko ɗaya rabin a kai. Zafin cikinta ya ƙarasa ta a faranti.

Da yamma uwargida ta dawo, yara suna ta yabon Baba. Ta ɗaga ƙonannen kaskon kifinta daga bayan randa inda na ɓoye, ta ce, "Baban Hauwa, wannan kuma wane abokin naka ne ya yi?"

Ashe ta bakin layi ta biyo.