Ba kowace "dai" ba ce shara

Wata ɗabi'a ta zama ruwan dare a shafukan da ke taƙaita hirarrakin 'yan siyasa daga rediyo: a kwashe duk wata inda-inda har mai magana ya fito kamar yana karanta takardar kotu. Suna kiran wannan gyara, ni kuwa ina ganin sa wa mutum magana a baki ne.

A ce an tambayi wani jami'i batun albashi, ya ce: "E to, wato, ka ga, mun biya... za mu biya dai, kafin sallah, ina jin." Da yamma sai ka ga an rubuta: "E, mun biya." "Wato" da "ka ga" ba su ɗauke da komai a nan, a zubar da su. Amma "e to" ba "e" ba ce, amsa ce ta mai jan ƙafa. "Mun biya" kuwa tuntuɓen harshe ne da shi da kansa ya janye, don haka gyaran da ya biyo baya shi ne maganarsa. "Ina jin" ta nuna ko ranar ma bai tabbatar ba. Taƙaitawar gaskiya ita ce: ya ce yana sa ran za a biya kafin sallah.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne ƙananan kalmomin nan: dai, fa, kam, ma, kuwa, ai. Don gajeru ne, mai gaggawa yake haɗa su da gyaran murya da "am". Dubi "shi ma ya karɓa". Cire "ma", ya zama "shi ya karɓa": an tashi daga ɗaya cikin masu karɓa, an ɗora wa mutum ɗaya laifin duka. Wannan ya isa a kai jarida ƙara.

Masu cewa a rubuta komai yadda ya fito, har tari da maimaici, ba amana suke riƙewa ba, aikinsu suka bar wa mai karatu.

Gwajin ba wuya. Cire kalmar, karanta jimlar da ƙarfi, sannan ka sake sauraron wurin. In ƙarfin iƙirarin, ko lokacinsa, ko wanda ya aikata ya sauya, mayar da ita. Fara magana a katse ma kala biyu ne: wanda ya ce "Talata, a'a, Laraba", Laraba kawai za a rubuta, wanda ya ce "ni ban sa hannu... ban tuna na sa hannu ba" kuwa, sauyin shi ne labarin, dole mai karatu ya gan shi.

Abin da aka sa tsakanin alamomin zance kada a taɓa masa komai sai sautin da ba kalma ba. In gyaran ya wuce haka, a cire alamomin a koma "ya ce". Editoci kuma su daina karɓar taƙaitawar da ba ta zo da mintin da aka faɗi kowace magana a faifan ba.