Nasiha ga mai leƙen sitatus ɗin wanda suka rabu

Assalamu alaikum 'yan uwa. A cikin Bukhari akwai labarin Mugisu da matarsa Barira, bayan ta zaɓi rabuwa da shi ya riƙa binta a titunan Madina yana kuka hawaye na zuba a gemunsa, kuma Annabi (SAW) bai ce masa ba shi da imani ba, ceto ma ya nema masa wajenta, ta ce ba ta da buƙatarsa. To ku daina cewa wanda ke kukan rabuwa wai raunin tauhidi ne.

Masana halayyar ɗan Adam sun ce ƙwaƙwalwa sabawa take yi da mutum. Helen Fisher da abokan aikinta a 2010 sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar waɗanda masoyansu suka ƙi su, da aka nuna musu hoton masoyin sai wuraren da ke motsawa a ƙwaƙwalwar mai ƙishin ƙwaya suka motsa. Shi ya sa makonnin farko bacci ke ƙaurace maka, abinci ba ɗanɗano, yau ka ce ka haƙura gobe ka ji kamar jiya aka rabu. Abin ba a jere yake tafiya ba, zuwa yake yana komawa, sai dai tazarar na ƙara faɗi.

Ga inda ake kuskure. A ce yarinya ce a Tudun Wada, an maido kayan sa rana, sati uku ta fara cin abinci ta koma islamiyya, sai wani dare wajen ƙarfe ɗaya ta buɗe WhatsApp ta leƙa sitatus ɗinsa, ta gan shi a wajen biki yana dariya, shikenan har asuba tana lissafin wace ce wannan ta gefensa. Leƙen nan yana ɗan kashe ƙishi na minti biyu amma yana koya wa ƙwaƙwalwa ta ci gaba da jira. Wallahi ni a ganina goge lamba ko yin bulok ba gaba ba ce, in kun haɗu a hanya ai za ki amsa sallama. Kuma ƙawar da ke kawo miki rahotonsa, ki ce mata don Allah ta bari.

Lokacin da kuka saba waya, bayan isha'i galibi, shi ne mafi zafi, ki cike shi da wani abu, ko tilawa ko hira da su Mama a tsakar gida, ki riƙe addu'ar Ummu Salama, Allahumma'jurni fi musibati wa akhlif li khairan minha.

Amma fa in an wuce sati biyu kullum kusan duk yini cikin ƙunci, ba aiki ba wanka, ko tunanin kashe kai ya fara zuwa, wannan ya wuce jimamin rabuwa. Tunanin kashe kai kam ba a jira ma, a kai mutum ya ga likita ranar, asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yana nan Barnawa a Kaduna, a haɗa da addu'a.