An cire mu daga jerin FATF, amma dala 146 ta yi kwana 33 tsakanin Google da Gombe

Tun ranar 24 ga Oktoban 2025, da hukumar FATF ta cire Najeriya daga jerin ƙasashen da ake sa wa ido kan halasta kuɗin haram, kunnuwanmu ba su huta ba. Masu sharhi daga Abuja da Legas suna ta yi mana albishir cewa ƙofar kuɗin waje ta buɗe, wai duk matashin da ke samun dala ta intanet yanzu sai dai ya miƙe ƙafa ya jira alat. Wani ma na ji shi a rediyo yana cewa duk wanda kuɗinsa ya maƙale daga yanzu, to shi ne bai iya cike takarda ba. Wannan magana ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin kusan wata biyu bayan wancan albishir na yi zaman benci a wani banki a nan Gombe har sau uku, a kan kuɗin da bai kai farashin tinkiya mai kyau ba.

Ɗan ƙanwata ne mai kuɗin. A Dadin Kowa yake zaune, yana ɗaukar bidiyon noman rani da wayarsa yana ɗorawa a YouTube: yadda ake rainon irin shinkafa, yadda ake gane tsutsa a masara tun ba ta yi ɓarna ba, irin waɗannan. Ya cika sharuɗɗan da kowa ya sani, mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara guda. Ya jira wasiƙar lambar PIN da ake aikowa ta gidan waya idan kuɗi ya kai dala 10, wadda ita ma labari ce mai zaman kanta a garin da adireshin mutum shi ne "bayan masallacin Juma'a, a tambayi mai shayi". Duk wannan ya wuce shi.

A watan Oktoba rabonsa ya kama dala 152, bayan YouTube ta riga ta ɗauki kashi 45 cikin ɗari na kuɗin talla. A ciki, dala 20 daga masu kallo a Amurka ta fito, kuma da yake babu yarjejeniyar haraji tsakanin Najeriya da Amurka, ana yanke kashi 30 cikin ɗari na wannan ɓangaren kaɗai. Dala 6 ke nan ta tafi, saura 146. Da a ce bai cike bayanan harajin a AdSense ba, wato asusun da Google, mai YouTube, ke biyan masu bidiyo ta cikinsa, da abin da za a iya yankewa ya kai kashi 24 cikin ɗari na kuɗin gaba ɗaya, har da na masu kallo a Kumo da Maraɗi. Ba ni da ja a nan. An rubuta ƙa'idar, yaro ya karanta, ya san abin da zai rasa tun kafin ya rasa shi.

Haka ma lokacin biya a rubuce yake. Ana kammala lissafin wata tsakanin 7 da 12 ga watan da ke biye, a tura kuɗi tsakanin 21 da 26, muddin ya kai dala 100. Ranar Juma'a 21 ga Nuwamba shafin Transactions ya nuna an tura, har da rasit mai kwanan wata da adadi. Google ta ce a ba kuɗin har kwana 15 na aiki. Mai lissafi ya san wannan mako uku ne cur, watau 12 ga Disamba. Ranar ta zo ta wuce, asusun dalarsa wayam.

Litinin da sassafe ya shigo mota, kusan kilomita 40, ya same ni. "Kawu, ka raka ni, idan suka ga furfura ƙila su saurare ni." Muka je. Yarinyar da ke teburin kula da kwastoma ta duba kwamfuta, ta ɗago ta ce, "Baba, ba mu ga komai ba, sai dai ku koma wajen wanda ya turo ya ba ku MT103." MT103 shi ne saƙon da bankin mai turawa ya aika ta SWIFT, hanyar sadarwar bankunan duniya, mai ɗauke da sunan mai karɓa da lambar bin sawun kuɗin. Ga ɗan kasuwar da abokin cinikinsa ke Dubai, neman wannan takarda kiran waya ɗaya ne. Manomin Dadin Kowa fa, wa zai kira a Google? Muka miƙa rasit ɗin da muka buga a shagon kwamfuta, aka ce za a aika hedikwata.

A zuwa na uku ne, bayan na nemi ganin manajan ayyuka, gaskiya ta fito. Kuɗin ya iso bankin tun makon farko. Yana ajiye a wani asusun wucin gadi a Legas, saboda sunan da ke saƙon bai yi daidai da wanda ke asusun ba. A AdSense yaron ya rubuta Muhammad, kamar yadda yake a katinsa na NIN. A BVN kuwa wani ma'aikaci ya rubuta masa Mohammed shekaru da suka wuce, ya kuma sa sunan mahaifi a gaba. Kowa a arewa ya san wannan ciwo: mutum ɗaya, suna ɗaya, rubutu huɗu. Na'ura ta ga bambanci ta tsayar, wanda ba laifi ba ne. Laifin shi ne babu wanda ya kira shi. Bankin da ke turo masa saƙon barka da ranar haihuwa, yana kuma cire kuɗin saƙon, bai iya rubuta layi ɗaya ba ya ce kuɗinka ya zo, kawo katinka. Da ba mu matsa ba, da an mayar da kuɗin inda ya fito, ya koma AdSense, a dakatar da biya sai an gyara bayanai, yaro ya jira zagayen wani watan.

Wannan shi ne abin da masu albishir ba su gani, ko ba su son gani. Jerin FATF magana ce tsakanin manyan bankuna, tsakanin Legas da Landan da New York. Ciwonmu kuwa yana tsakanin Legas da Gombe. Reshen banki a nan ba shi da ikon sakin ko sisi na kuɗin waje. Ma'aikacin da ke gabanka ba ya ma iya ganin kuɗin da aka riƙe, shi ya sa idan ya ce "ba mu ga komai ba" gaskiyarsa ya faɗa. Aikinsa ya rubuta imel ya jira, kai ma ka jira, kuma wanda ake jira ɗin yana da takardun 'yan kasuwa masu shigo da kwantena a kan teburinsa. Dala 146 ta manomi ina za ta samu layi?

Ranar 24 ga Disamba alat ya shigo: dala 131. Goma sha biyar ta narke a hanya. Bankunanmu ba su karɓar dala kai tsaye, sai ta bi ta wani bankin tsakiya a ƙasar waje inda suke da asusu, shi kuma yana iya cire ladansa kafin ya miƙa. Na tambaya a nuna mana a rubuce wa ya cire, nawa ya cire, aka ce haka ta zo. Abin lura shi ne irin wannan lada ba ya bin girman kuɗi. Dala 15 a kan 146 ta haura kashi 10 cikin ɗari, amma a kan 1,500 kashi ɗaya ce tak. Watau tsarin ya fi cizon ƙarami, kuma akasarin masu bidiyon Hausa ƙanana ne, saboda tallan da ake nuna wa mai kallo a Najeriya da Nijar ba shi da tsada.

Akwai dabara ɗaya ta gaskiya a nan. AdSense ta yarda mutum ya ɗaga mafi ƙarancin abin da za a riƙa turo masa, daga dala 100 zuwa, a ce, 500. Sai a cire lada sau ɗaya maimakon sau uku ko huɗu, kashi 10 ya koma kashi 3. Na faɗa wa yaron. Ya yi murmushi ya ce, "Kawu, taki ba ya jiran wata huɗu." Shawarar mai abin hannu ce, ni ma na sani.

Sai mataki na ƙarshe. A Yunin 2023, watan da aka haɗe farashin canji, Babban Bankin Najeriya ya ce masu asusun dala suna da damar taɓa kuɗinsu ba tare da tarnaƙi ba. Muka nemi tsaba, aka ce babu dala a reshe, sai an yi oda, a dawo bayan hutu. Ko kuma, in ana sauri, banki ya saya a farashinsa. Ranar, farashin ya gaza na 'yan canji da naira 30 a kowace dala, kusan naira 4,000 ke nan a kan 131. Na yarda wannan ba komai ba ne idan aka tuna farkon 2023, lokacin da farashin gwamnati ke wajen 460 kasuwa kuma tana wajen 750. Amma damar da ba a iya amfani da ita sai a Legas ko Abuja, damar takarda ce, kuma "babu tsaba" ta zama hanya mai ladabi ta tilasta wa mutum ya sayar wa wanda ya riƙe masa kuɗi.

Za a ce dole banki ya yi bincike saboda masu wanke kuɗin haram, sai ka ce akwai ɓarawon gwamnatin da ke wanke dala 146 ta hanyar bidiyon tsutsar masara. Wasu kuma za su ce ya buɗe asusun waje a manhaja ya huta, alhali idan manhajar ta rufe asusu babu ko bencin da za ka zauna ka yi ƙorafi. Abin da ya fi damuna shi ne maganin da yaran suka samo wa kansu. Dillalai sun fito, masu cewa sa asusuna, ni zan karɓa in ba ka naira, in cire nawa. Wanda ya miƙa wa wani akalar AdSense ɗinsa ya miƙa masa gonar ne baki ɗaya, kuma ranar da aka yi rigima babu takardar da za ta nuna kuɗin nasa ne. Bankuna ne suka haifi wannan kasuwa da jinkirinsu, ba wautar yara ba.

Abin da nake nema bai taka kara ya karya ba. Babban Banki ya wajabta wa kowane banki sanar da mai asusu cikin kwana biyu idan an riƙe masa kuɗin waje, tare da dalili. A sa mutum ɗaya a kowace jiha mai ikon duba katin NIN ya saki ƙaramin kuɗi ba sai an jira Legas ba. A rubuta ladan da aka cire a jikin alat. Gwamnatin jiha da ke yawan taron koya wa matasa sana'ar zamani ita ma ta kira manajojin bankuna ta tambaye su wannan, kafin a raba wata takardar shaida.

Yaron dai ya gyara sunansa a AdSense ya koma Mohammed, harafi da harafi kamar yadda yake a asusun banki, kafin 20 ga wata, domin gyaran da aka yi bayan ranar ba ya shiga biyan watan. Yanzu sunan ya saɓa da na katin NIN ɗinsa, kuma an ce masa gyaran BVN sai ya kawo takardar rantsuwa daga kotu.