"Kuɗina ne, hatsina ne": ina ɗayar mukaddimar?

To, mun ji, Alhaji. Kuɗinka ka sa, masararka ce, sitonka ne. Tun jiya ake yawo a waya da muryar Alhajin nan da ke kare ɓoye masararsa a sito, daga Tudun Wada har Samaru, masu tafi suna tafi wai ya kashe bakin kowa. Wane baki ya kashe? Rabin hujja ya kawo, ya cusa ɗaya rabin a aljihu, ku kuma kuka hau kabbara.

Ga abin da ya faɗa, in an cire tsawa da rantsuwa. Na sayi masarar nan da kuɗina lokacin kaka. Saboda haka babu laifi in rufe ta har sai mutane sun galabaita sannan in buɗe sito. Ku duba da kyau. Maganar farko labari ce, ta faɗi abin da ya faru. Ta biyu hukunci ce, ta ce babu laifi. Labari shi kaɗai ba ya haifar da hukunci. Kalmar laifi ba ta cikin maganar farko, to daga ina ta faɗo cikin ta biyu? Akwai wata magana a tsakani da bai furta ba.

Wannan ba ilimin Turawa ba ne, kafin wani ya ce 'yan boko sun fara. Shehu Abdurrahman Ahalari, wanda muka karanta tsarki da salla a littafinsa muna yara, shi ne ya rubuta Sullam a fannin manɗiƙi, wato ilimin gina hujja, tun ƙarni na 16. A can za ka ga ƙiyasi yana tsayawa ne kan mukaddima biyu, wato maganganun da ake ɗora hujja a kansu, ƙarama da babba, sannan natija, wato hukuncin da ya fito daga cikinsu. Alhaji ya ba mu ƙarama, ya tsallaka zuwa natija. Babbar fa?

Bari in fito masa da ita: duk abin da mutum ya mallaka, babu laifi ya yi yadda ya ga dama da shi, ko wa zai cutu. Da wannan, hujjarsa ta haɗu tsaf, natija ta biyo mukaddimominta ba tangarɗa. Amma haɗuwar hujja daban, gaskiyar abin da aka gina ta a kai daban. Gwajin kuwa mai sauƙi ne, ka nemo misali ɗaya da zai karya wannan "duk" ɗin. Mutum ne da rijiya a gidansa, shi ya haƙa da kuɗinsa, gobara ta tashi a maƙwabta, ya sa kwaɗo ya rufe. Babu laifi? Shi kansa Alhaji ba zai ce haka ba. To babbar mukaddima ta faɗi, kuma shi ya sa tun farko aka ɓoye ta. Ba a ɓoye mukaddimar da za ta iya tsayawa a gaban jama'a.

Masu cewa ai kowa na yi, ku ma ku fito da taku: duk abin da kowa ke yi daidai ne. Ku faɗe ta da ƙarfi mu ji. Masu cewa ai hukuma ba ta kama shi ba, haka. Mai cewa ni da nake magana ko kadada ɗaya ban taɓa nomawa ba, na gode, amma gonata ba ta cikin mukaddimomin Alhaji.

'Yan ɓangarena, ku ma ba ku tsira ba. Na ga wani ya rubuta cewa masu ɓoye abinci suna da sito, wane yana da sito, saboda haka wane mai ɓoye abinci ne. Wannan ko haɗuwa bai yi ba. Mukaddimomin biyu suna iya zama gaskiya natija ta fito ƙarya, don ba a ce duk mai sito mai ɓoyewa ne ba. Da wannan lissafin, manomin Giwa da ya cika rumbunsa don cin iyalinsa shi ma ya zama azzalumi. Wallahi abin yana min ciwo, don akwai gidajen da tuwon dare ya gagara, kuma idan muka kare su da gurguwar hujja mun ba mai sito hanyar kuɓuta. Hujjar da za ta riƙe shi sai ta ambaci sharuɗɗanta a fili: abinci ne, ana tsananin buƙatarsa, kuma an janye shi daga kasuwa da nufin ya yi tsada.