Bakin wa zai karanta tarihin naki?

Ƙanwata masaniyar haɗa magunguna ce, a Jos muka tashi, yanzu tana aiki a Abuja, ni kuma aiki ya kawo ni Leeds a Ingila. Kwanakin baya aka gayyace ta yin jawabi a wani taron ma'aikatan lafiya a wani otal da ke Abuja, masu shirya taron suka ce ta turo taƙaitaccen tarihinta. Sai ta shiga LinkedIn, dandalin intanet da ma'aikata ke baje sana'arsu, ta kwafo abin da ta rubuta a sashen About, inda mutum ke bayanin kansa, ta tura musu. Ranar taro mai gabatarwa, wani dattijo mai furfura a gemu, ya ɗauki takarda ya fara karantawa yadda aka ba shi: "Na yi shekara tara ina aikin magani, ni uwa ce mai 'ya'ya biyu..." Kafin ya farga zauren ya ɗauki dariya. Da daddare ta kira ni, ta ce, "Yaya, wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige."

Rubutun nata ba shi da aibi, wurin da ta kai shi ne ba nasa ba. Shi ya sa idan aka ce in turo tarihina, kafin in rubuta harafi ɗaya nake tambayar daga bakin wa maganar za ta fito. In wani ne zai karanta a gaban jama'a, ko za a buga a littafin taro tare da na mutum goma, ko a ƙasan maƙala a mujalla, to maganar ta mai gida ce yana gabatar da baƙonsa, sai a rubuta da "ya" ko "ta". In kuwa shafinka ne da kai ka buɗe, ko wasiƙar neman aiki da za ka sa wa hannu, kai ne ke magana, sai "na" da "ina".

Mu a gida kunnenmu ya saba da na farkon. Mun tashi muna jin ana cewa yabon kai jahilci, kuma a biki ba mai miƙewa ya lissafa abin da ya yi, maroƙi ne ke wannan aikin. Saboda haka ɗan Arewa ya fi samun natsuwa ya rubuta "Injiniya Wane ya jagoranci aiki kaza", ko da shi ya rubuta da hannunsa, don kunyar ta ragu. Da na zo nan haka na yi a LinkedIn, har da Malam a gaban sunana. Wata abokiyar aikina ta tambaye ni cikin raha wa na ɗauka aikin rubuta mini shafi. A wurinsu, wanda ya rubuta shafinsa da "shi" kamar ya sa sakatare tsakaninsa da mai karatu ne. Na gyara, kuma har yau ina ganin sun fi mu gaskiya a wannan gaɓar, domin kowa ya san kai ke riƙe da wayar. Mu ma ba baƙi ba ne ga "ni": ɗan dambe da mafarauci da bakinsu suke kirari, ba wanda ke cewa sun yi rashin kunya, saboda fagen nasu ne.

Amma akwai inda ban bi Turawan ba. Nan farfesa zai ce a kira shi da sunan yanka kawai, kuma wasu 'yan uwanmu da suka zauna waje sukan koma gida da wannan ɗabi'a, su tura wa taron Abuja tarihi babu Dakta babu Hajiya, suna ganin wayewa ce. A zauren da ake jera manyan baƙi bisa muƙami, wahalar da mai gabatarwa kawai ka yi, don dole ya nemo abin da zai kira ka da shi, kuma zai iya laƙa maka wanda ba naka ba. Ka ba shi laƙabi ɗaya, wanda ya shafi taron. Ɗaya fa, ba jerin gwanon Alhaji Dakta Injiniya ba.

Ga yadda muka gyara nata. Na taro muka tsayar da shi a kalma 70 zuwa 80, abin da za a karanta bai kai minti ɗaya ba. Jimlar farko ta ɗauki cikakken suna da aikin da take yi yanzu. Ta biyu ta ce ta yi karatu a Jami'ar Jos kuma ta yi shekara tara tana kula da ajiyar magungunan da ke buƙatar sanyi. Ta uku ta faɗi abin da ya haɗa ta da maudu'in taron, wato ta horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci kan adana allurar rigakafi inda wuta ba ta tsayawa. Zancen 'ya'ya muka cire, muka cire "ina matuƙar son", don ba wanda zai iya shaidar abin da ke zuciyar wani. Sai na sa ta ba mijinta ya karanta da ƙarfi. Duk inda ya yi tuntuɓe ko ya yi murmushi, nan muka sake.

Na LinkedIn muka bar shi da "na". Wurin yana ɗaukar har harafi 2,600, ga fili, kuma a nan ne za ta iya cewa abin da ya ja ta ga aikin shi ne ranar da ta ga an zubar da kwalin allurai saboda firji ya mutu cikin dare. Wannan jimlar in aka juya ta zuwa "ta" sai ta zama kamar labarin jarida. A X kuwa, wato tsohuwar Twitter, inda wurin bayanin kai harafi 160 kawai yake ɗauka, ba ta sa "ni" ko "ita" ba, sana'a da gari kawai ta rubuta.

Kowanne da ramin da yake jefa mutum. Mai rubutu da "ta" yakan ji kamar wani ne ke yabonsa, sai ya saki hannu: haziƙa, gogaggiya, wadda ba ta da na biyu. Muka goge su duka, muka bar abin da za a iya ƙirgawa. Mai rubutu da "na" kuma sai ka ga jimla shida a jere duk da "na" suka fara. Mafi yawan kuskuren da nake gani shi ne gauraye: a fara da "Hajiya Wance ta kammala", a jimla ta huɗu sai ga "ina fatan". Da ka ga haka ka san daga wuri biyu aka kwafo.

Akwai kuma wani abu da ya shafe mu musamman. A Turanci bayan an ambaci cikakken suna sau ɗaya, sai a ci gaba da sunan ƙarshe kaɗai. Namu sunan ƙarshen sau da yawa na mahaifi ne, ko ma na gari. Da ta bi wannan tsarin, da mai gabatarwa ya yi ta kiran sunan Baba tsirara a gaban jama'a yana cewa "ta yi", abin da ko a mafarki ba ta furta shi haka. Muka bar laƙabi da sunanta na yanka a ambato na biyu, sauran duk "ta".

Yanzu fayil ɗaya take da shi a waya mai ɗauke da ukun. Watan jiya wata ƙungiya ta sake neman tarihinta, sai ta fara tambayarsu ko bugawa za su yi ko karantawa. Suka ce fom ne na intanet, kuma a saman akwatin an rubuta "Tell us about yourself", wato ba mu labarin kanka. Ta tura musu mai "na".